Abin da za a cire daga saƙo kafin a liƙa shi a manhajar fassara

Rubutun da mutum ya liƙa a akwatin manhajar fassara ta intanet ba a cikin wayarsa ake fassara shi ba. Fita yake yi zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya mallaki manhajar, a sarrafa shi a can, sannan a dawo da fassarar. A manhajoji irin su Google Translate rubutun yana tafiya ne da zarar ya shiga akwatin, ba sai an danna wani maɓalli ba, don haka wanda ya liƙa saƙo sannan ya hango lambar asusunsa a ciki ya yi sauri ya goge, ya makara. Magana zarar bunu ce, kuma duk gyaran da za a yi wa saƙo dole ne a gama shi kafin a buɗe manhajar.

Abin da ke faruwa da rubutun bayan ya isa can ya danganta da sharuɗɗan kowane kamfani. A watan Satumba na 2017 kafar yaɗa labarai ta ƙasar Norway, NRK, ta bayyana cewa rubuce-rubucen da ma'aikatan kamfanin mai na Statoil suka saka a shafin Translate.com na kyauta suna fitowa a binciken Google, ciki har da kwangiloli da takardun sallamar ma'aikata da kalmomin sirri. Kamfanin DeepL kuwa ya rubuta a sharuɗɗansa cewa kada a saka rubutu mai ɗauke da bayanan mutane a manhajarsa ta kyauta, kuma alkawarin goge rubutu bayan fassara masu biyan kuɗi ya yi wa. Ko kamfanin bai yi sakaci ba, rubutun yana barin sawu kusa da gida. Idan mutum yana cikin asusunsa na Google, fassarorinsa suna iya taruwa a History na manhajar. Idan kuma ta burauza ya shiga, rubutun yana shiga cikin adireshin shafin kansa, bayan wannan:

```
translate.google.com/?sl=ha&tl=ar&text=
```

Ma'anar haka ita ce duk wanda ya buɗe tarihin burauzar a kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu zai iya karanta saƙon.

Ƙa'idar da wannan jagora ta ginu a kanta guda ɗaya ce. Manhajar fassara tana bukatar ma'anar magana, amma ba ta bukatar sanin wanda ake magana a kansa. Sau da yawa sirrin da ke cikin saƙo shi ne ainihin abin da ake son a fassara, ba yadda za a yi a cire shi, saboda haka aikin da ya rage shi ne a raba sirrin da mai shi.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Wani mutum yana shirin kai mahaifiyarsa wani asibiti a Alƙahira domin dashen ƙoda, ya rubuta saƙo da Hausa yana so ya mayar da shi Larabci. A cikin saƙon ya kawo cikakken sunan mahaifiyar, da ranar haihuwarta, da lambar fasfonta, da lambar fayil ɗin da asibitin ya ba ta. Ya ambaci cewa ita ce uwargidan marigayi limamin masallacin Juma'ar unguwarsu, ya faɗi asibitin da ake yi mata wankin ƙoda a gida da sunan likitanta. Ya bayyana cewa tana da hawan jini da ciwon hanta, ya kawo sunan ƙanwarsa da za ta ba da ƙoda, da kuɗin ajiyar da suka tura, da lambar asusun da suka tura daga ciki, da lambar tikitin jirgi, da lambar wayarsa. Babu abu ɗaya a nan da bai kamata asibitin ya sani ba. Tambayar ita ce nawa daga ciki ya kamata ya bi ta hannun manhajar fassara.

Mataki na farko: a sauke saƙon a wani wuri, a rage shi

Kada a kwafo saƙo daga WhatsApp ko imel a liƙa shi kai tsaye a manhajar fassara. A fara liƙa shi a manhajar rubutu ta cikin waya ko kwamfuta, a yi aikin a can. Dalili shi ne kwafa tana ɗauko abubuwan da ido bai lura da su ba. Idan aka zaɓi saƙonni da yawa a WhatsApp aka kwafa su tare, kowane layi yana zuwa da lokaci da kwanan wata da sunan wanda ya aiko, ko lambar wayarsa idan ba a ajiye ta ba. Imel kuwa yakan jawo tsofaffin wasiƙun da ke ƙarƙashinsa, da adireshin duk waɗanda aka saka a ciki, da sa hannun ƙasa mai ɗauke da muƙami da lambar ofis. Kariyar da WhatsApp ke yi wa saƙo tsakanin mai aikawa da mai karɓa tana ƙarewa ne a lokacin da aka kwafo shi waje.

Bayan an sauke shi, a tambayi kai wane ɓangare ne ake bukatar fassararsa. Gaisuwa da sa hannu da jerin lambobi ba sa bukatar tafinta. Sau da yawa wannan ragewar kaɗai tana kawar da rabin matsalar.

Mataki na biyu: a cire duk abin da ke buɗe ƙofa

Akwai bayanan da duk wanda ya riƙe su zai iya aikata wani abu da su nan take, ko da bai san mai su ba. Waɗannan ba a yin shawara a kansu. Su ne lambar sirri ta katin banki, da lambar OTP da banki ke turowa, da lambar da ke jikin katin cirar kuɗi tare da ranar ƙarewarsa da lambobi 3 na bayansa, da kalmar sirri ta kowane asusu. Babu wata jimla da fassararta za ta lalace don an cire mata waɗannan, domin lamba ba ta da ma'anar da za a fassara.

Lambar BVN da ta NIN, kowacce mai lambobi 11, suna cikin wannan rukuni, kuma a ganina sun fi kalmar sirri haɗari ta wata fuska, domin kalmar sirri ana canza ta cikin minti biyu, su kuwa suna tare da mutum har ƙarshen rayuwarsa. A cire lambar fasfo ma, da layuka biyu na haruffa da lambobi da ke ƙasan shafin hoton fasfo, waɗanda suka ƙunshi suna da lambar fasfo da ranar haihuwa da ranar ƙarewa duka a dunƙule.

Akwai biyu da mutane suka fi mantawa da su. Na farko shi ne lambar ajiyar kujerar jirgi, wadda yawanci haruffa da lambobi 6 ce. A shafukan kamfanonin jirage da yawa wannan lamba da sunan mahaifi ko na iyali kawai ake tambaya kafin a buɗe bayanin tafiyar, a ga ranar tashi, wani lokaci har a canza ta ko a soke. Na biyu shi ne dogon adireshin intanet da ke zuwa cikin saƙo, irin wanda asibiti ke turowa don a ga sakamakon gwaji, ko wanda ake turowa don a sabunta kalmar sirri. Jerin haruffan nan marasa kan gado da ke ƙarshensa su ne mabuɗin, kuma a wasu shafukan duk wanda ya samu adireshin ya shiga. A goge shi gaba ɗaya.

A saƙon mutuminmu, wannan mataki ya ɗauke lambar fasfo, da lambar fayil ɗin asibiti, da lambar tikiti, da lambar asusun banki mai lambobi 10. Wani zai ce lambar asusu ai ana raba ta ga kowa don a turo kuɗi, kuma gaskiya ne ita kaɗai ba ta isa a kwashe kuɗin mutum ba. Amma duk wanda ya buga ta a manhajar banki zai ga cikakken sunan mai asusun, don haka barin ta a saƙo daidai yake da barin suna. Lambar waya ma haka take, tunda a kamfanonin kuɗi irin su OPay da PalmPay lambar asusun mutum yawanci ita ce lambar wayarsa idan aka cire sifirin farko.

Mataki na uku: a nemo duk abin da ke nuna mutum, ko da ba suna ba ne

Nan ne aikin ke bukatar tunani, kuma nan ne aka fi yin kuskure, domin yawancin mutane da zarar sun goge suna sai su ɗauka an gama.

Sunaye dai a bayyane suke: na maras lafiyar, da na ɗanta mai rubutu, da na ƙanwarsa, da na likita. A tuna cewa sunan ƙanwar da za ta ba da ƙoda ba mallakin mai rubutun ba ne. Ta amince asibiti ya sani, ba ta amince da wani wuri ba, kuma wataƙila ko dangin mijinta ba su sani ba tukuna. Duk saƙon da ya ƙunshi wani mutum na uku, a ɗauka cewa bai ba da izini ba, a fara da cire nasa kafin na kai.

Abin da ya fi suna nuna mutum a wajenmu shi ne laƙabi da muƙami da dangantaka. Masu suna Muhammad Sani ko A'isha Abubakar suna da yawan da sunan kaɗai ba zai kai ka gidan kowa ba. Amma uwargidan marigayi limamin masallacin Juma'ar unguwa kaza mace ɗaya ce tak a duniya, kuma duk ɗan unguwar zai gane ta ko da ba a ambaci sunanta ba. Haka sarauta, da shugabancin makaranta ko ƙungiya, da suna irin na kasuwa wanda aka fi sanin mutum da shi, da kwatancen gida irin na bayan gidan mai ko kusa da tsohuwar tasha. A saƙon da muke dubawa wannan bayanin na limanci ba ya ƙara wa likitan Alƙahira komai, don haka gogewa za a yi gaba ɗaya, ba sai an nemi abin da zai maye gurbinsa ba.

Sai kuma ƙananan bayanai waɗanda kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma idan suka haɗu sai su ware mutum guda. Wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta yi amfani da alƙaluman ƙidayar ƙasar ta 1990 ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware kowannensu da abu uku kawai: lambar yankin gidan waya, da jinsi, da cikakkiyar ranar haihuwa. Darasin da ke ciki ya shafi kowane saƙo. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Bayan an cire sunaye, a sake karanta saƙon a matsayin maƙwabci ko abokin aiki, a tambayi kai mutum nawa ne wannan bayanin zai iya dacewa da su. Mace mai shekara 62 da ake yi wa wankin ƙoda bayani ne da ya dace da mata masu yawa. Idan aka ƙara sunan garin, adadin ya ragu. Idan aka ƙara sunan asibitin da ranakun da take zuwa, ma'aikatan sashen sun riga sun san ko wace ce. Ana ci gaba da ragewa har sai amsar ta koma mutane da yawa.

Ragewar ba lallai ta zama gogewa ba, sau da yawa sassautawa ta isa. Cikakkiyar ranar haihuwa ta koma shekaru. Sunan asibitin gida ya koma wani asibiti a Najeriya. Sunan likita ya koma likitanta. Ranar da aka fara wankin ƙoda ta koma wata 8 da suka wuce. Jimlar tana nan da ma'anarta, fassarar ma za ta fito daidai.

Mataki na huɗu: a san abin da dole ya zauna

Akwai masu wuce gona da iri, su yi ta gogewa har saƙon ya rasa amfani. A wasiƙar asibiti wannan yana da nasa haɗarin. Ciwon hanta, alal misali, shi ne abin da iyali suka fi jin nauyin a sani, amma likitan da zai yi wankin ƙoda ko dashe dole ya san da shi, kuma dole kalmar ta fito daidai a Larabci. Don haka sunan cuta, da adadin magani, da sau nawa ake sha, da sakamakon gwaji, da shekaru, da jinsi, duk suna zama. Abin da ya ba da damar barin su shi ne aikin da aka yi a mataki na biyu da na uku. Da zarar babu abin da ke haɗa cutar da wata mace takamaimai, bayanin ya zama irin wanda ake samu a kowane littafin koyon aikin likita.

Wannan tsari yana da iyaka. Akwai saƙonnin da labarin kansa shi ne ke nuna mutum, kamar takardar shari'ar gado da aka san ta a gari, ko koken cin zarafi a ƙaramin ofis, ko kwangilar da ba a sanar ba tukuna tsakanin kamfanoni biyu da kowa a harkar zai gane su daga irin kayan da adadinsu. Irin waɗannan canza suna ba ya ɓoye su. Mafita ita ce a nemi tafinta amintacce, ko a sauke harsunan biyu a manhajar Google Translate ta waya, wadda ke ba da damar sauke Hausa da Larabci, sannan a kashe data a fassara a cikin wayar. Fassarar da ake samu ta haka takan yi ƙasa da ta intanet a inganci, amma ta isa a fahimci inda magana ta dosa.

Ga wanda saƙon ya zo hannunsa ta dalilin aiki, kamar ma'aikacin asibiti ko wakilin tafiye-tafiye ko akawun lauya, akwai kuma batun doka. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman. Ta sassauta wa mai sarrafa bayani don harkar kansa ko ta gidansa, amma ba ta sassauta wa ma'aikata ba. Ɗan da ke fassara wasiƙar mahaifiyarsa matsayinsa daban da na wakilin da ya karɓi kuɗi don ya shirya mata tafiya, kuma wakilin ya kamata ya san abin da ma'aikatarsa ta yarda a saka a irin waɗannan manhajoji kafin ya taɓa takardar wani.

Mataki na biyar: a maye gurbi ta yadda fassara ba za ta lalace ba

Idan aka goge suna aka bar wurin fanko, jimlar takan karye, manhajar ta yi ta lalube, har ta ɗora ciwon uwa a kan 'ya. Saboda haka a wurin sunan mutum a saka wani suna gama-gari na jinsi ɗaya, kamar Fatima ga mace ko Musa ga namiji. Jinsin yana da muhimmanci domin Hausa da Larabci duka suna bambanta mace da namiji a aikatau da wakilin suna, kuma idan aka saka sunan namiji a gurbin mace duk wasiƙar za ta fito da kuskuren da gyaransa zai yi wuya ga wanda bai iya harshen ba. A guji sunayen da su ma kalmomi ne na yau da kullum, irin su Rabi ko Sani ko Dogo, domin manhaja tana iya fassara su. Idan dangantaka ta isa, kamar mahaifiyata ko 'yarta, ita ta fi.

A wurin lambobi a saka harafi guda da lamba, kamar `X1` da `X2` da `X3`, kowane gurbi da lambarsa daban. Kada a rubuta kalma irin suna ko lamba a gurbin, domin za a fassara ta ta ɓace cikin jimla. Amfanin bambanta lambobin shi ne ko da manhajar ta mayar da harafin zuwa na Larabci, lambar za ta nuna wane gurbi ne. A rubuta abin da kowace alama ke wakilta a takarda, ko a wani wuri dabam da saƙon, don kada a kwafe su tare bisa kuskure.

Adadin kuɗi abu ne da ake iya saɓani a kai. Shi kaɗai ba ya nuna kowa, amma ni ina ganin a maye gurbinsa, saboda dalili biyu. Adadi da ranar turawa su ne abin da ɗan damfara ke bukata ya kira iyali ya ce daga asibiti yake, kuɗin bai cika ba. Sannan harsuna sun bambanta wajen rubuta manyan lambobi, Faransanci alal misali yana amfani da waƙafi a inda Ingilishi ke saka ɗigo, don haka gara mutum ya rubuta adadin da hannunsa daga baya.

Ga yadda saƙon mutuminmu ya koma:

"Assalamu alaikum. Ina rubutu ne game da mahaifiyata Fatima, mai shekara 62. Lambar fasfonta X1, lambar fayil ɗinta a asibitinku X2. Tana da ciwon ƙoda, kuma ana yi mata wankin ƙoda sau 2 a mako a wani asibiti a Najeriya tun wata 8 da suka wuce. Tana da hawan jini, tana shan magani miligiram 10 sau ɗaya a rana. Gwaji ya nuna tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. 'Yarta mai shekara 35 ta amince ta ba da ƙoda. Mun tura kuɗin ajiya X3 a ranar X4, kuma za mu iso a ranar X5. Muna roƙon a sanar da mu gwaje-gwajen da ya kamata a yi kafin mu taso."

Lambar asusu da ta tikiti da ta waya ba su ma samu gurbi ba, domin za a iya tura wa asibitin su a layi na dabam ba tare da fassara ba.

Mataki na shida: idan saƙon da za a fassara ba a iya karanta shi ba

Amsar asibitin za ta zo da Larabci, kuma a nan matsalar ta juya, domin ana so a cire sirri daga rubutun da ba a san abin da ya ƙunsa ba. Duk da haka akwai alamun da ido ke iya kamawa. Wasiƙun hukuma da na asibiti suna tara bayanan mutum a sama, cikin gajerun layuka masu ɗigo biyu, sai kuma a ƙasa wajen sa hannu da hatimi. A bar waɗannan, a ɗauki tsakiyar wasiƙar kawai, sakin layi ɗaya bayan ɗaya. A wasiƙar Larabci, layin da ya fara da الاسم suna ne, wanda ke da رقم lamba ce ke biye, تاريخ الميلاد kuma ranar haihuwa ce. A ta Faransanci, wadda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suka fi cin karo da ita, a nemi Nom da Prénom da Né le ko Née le da N°.

A cikin sakin layin kuma a duba duk wani dogon jerin lambobi, da duk abin da ke da alamar @, da duk kalmar da aka rubuta da haruffan boko a tsakiyar Larabci, domin yawanci suna ne ko adireshi ko sunan magani. Lambobin Larabci suna iya ruɗa wanda bai saba ba, tunda ٥ biyar ce duk da kamarta da sifiri, sifiri kuwa ɗigo ne, ٦ kuma shida ce ba bakwai ba. Ba sai an iya karanta su ba, tsawonsu kawai za a duba: lambobi biyu ko uku kusa da kalma galibi awo ne ko adadin magani, sai a bar su, jeri mai tsawo kuwa a maye gurbinsa. Wanda ya yi karatun allo zai iya gane sunan mahaifiyarsa a rubuce ya nemo duk inda ya fito.

Hoto da fayil sun fi rubutu wuyar tacewa. Idan aka ɗauki hoton takarda don manhaja ta fassara, duk shafin ne ke tafiya, har da hatimi da lambar nan mai murabba'i da ake haskawa da waya, wadda sau da yawa tana kaiwa ga fayil ɗin maras lafiya. A yanke hoton a bar sakin layin da ake so kaɗai, ko a rufe sama da ƙasan takardar da wata farar takarda kafin a ɗauka. Shafa baƙin alƙalami mai shara-shara a kan hoton waya ba ya isa, domin ana iya ƙara haske a ga abin da ke ƙasa. A fayil ɗin PDF ma, zana baƙin akwati a kan suna ba ya goge rubutun da ke ƙarƙashinsa, kuma fayil ɗin Word yana iya ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da gyare-gyaren baya. Kwafo rubutun da ake bukata kawai ya fi ɗora fayil ɗin gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: a mayar da bayanan, a share sawu

Idan fassarar ta fito, a kwafo ta zuwa manhajar rubutu, a can a mayar da ainihin bayanan. A ƙirga alamun tukuna: biyar aka saka, biyar ya kamata a gani, kowacce sau ɗaya, domin manhaja takan haɗiye ɗaya ko ta maimaita. A rubuta sunan maras lafiyar da haruffan boko daidai yadda yake a fasfo, kada a dogara da yadda manhaja za ta rubuta shi da Larabci. A duba lambobin da aka bari, wato 62 da 2 da 8 da 10 da 35, a tabbatar kowacce tana nan. Dogayen lambobi kuma a rubuta su a haɗe ba tazara, ko a ba su layi nasu, domin Larabci daga dama yake farawa, kuma lambar waya mai tazara a tsakani tana iya bayyana da gungunanta a juye idan aka saka ta cikin jimla.

Daga nan a goge fassarar daga History na manhajar, a duba myactivity.google.com idan an yi aikin a cikin asusu, a goge shafin daga tarihin burauza, musamman idan na'urar ba ta mutum ba ce. A yaga takardar da aka rubuta ma'anar alamun.

Idan kuma an riga an liƙa abin da bai kamata ba, matakin da za a ɗauka ya danganta da rukunin abin. Kalmar sirri a canza ta nan take, tare da duk wani asusun da ake amfani da irinta. Lambar katin banki da lambobin bayansa, a kira banki ta lambar da ke jikin katin a rufe shi a karɓi sabo. Adireshin sakamakon gwaji, a roƙi asibitin ya soke shi ya turo wani. Lambar BVN da NIN da ta fasfo ba a canza su don irin wannan dalili, don haka abin da ya rage shi ne a goge tarihin, a sanar da mai bayanan idan na wani ne, a kuma gaya wa duk mutanen gidan cewa wanda ya kira yana karanto waɗannan lambobi daidai, yana neman a faɗa masa lambar da aka turo ta waya, ba a ba shi komai, sai a katse a kira banki ko asibitin ta lambar da aka sani tun farko.